Ranar da Mama Tabita Ta Karɓi Waya

A Samaru, cikin jerin shagunan kwafi da ke kallon titin jami'a, akwai wani ƙaramin shago mai ƙofa shuɗiya da ɗalibai suka sani da sunan mai shi, Mama Tabita. Injin kwafi ɗaya ne a ciki, da kwamfuta biyu, da benci na katako da zaman mutane ya goge shi har yana sheƙi. Wasu kwafi ke kawo su, wasu ɗaurin takardu. Amma da yawa daga masu zama a bencin nan waya ce a hannunsu, da saƙon da suke tsoron aika wa malami.

A Muchia aka haife ta, a Sabon Gari, kuma can take kwana har yau. Mahaifinta kafinta ne da ke yi wa majami'a kujeru. Ta koyi buga tafireta tana budurwa, ta samu aiki a ofishin wata masana'anta a Chikaji, ta yi shekara goma sha tara tana buga abin da manaja ya faɗa. A nan ta koyi yadda ake buɗe wasiƙa da yadda ake rufe ta, da yadda ake lulluɓe magana mai zafi har ta yi sanyin taɓawa. Da masana'antar ta durƙushe, ita aka sa ta buga takardun sallamar ma'aikata, ɗaya bayan ɗaya, da kalmomin godiya a sama da fatan alheri a ƙasa. Takarda ta ƙarshe tata ce. Mijinta James ya rasu shekara biyu bayan haka, 'yarta Diana ta yi aure a Kafanchan, ita kuwa ta nemi shago a Samaru. Tun daga lokacin, kullum da safe sai ta hau bas ta Kwangila da kular abincinta a cinya.

Gyaran saƙo ba sana'arta ba ce, ba ta kuma taɓa rubuta shi a allon shago ba. Ya faro ne daga wata ɗaliba, Busola, da ta zo kwafi tana share hawaye saboda wani malami ya ce kada ta ƙara yi masa rubutu kamar tana kiran mai shayi. Mama Tabita ta ce ta karanta mata abin da ta aika. Da ta ji, sai ta zaunar da ita. Daga nan labari ya bazu, wannan ya kawo wancan.

Hanyarta ɗaya ce, ba ta canzawa. Sai ta sa ɗalibi ya miƙe tsaye ya karanta saƙonsa da murya, kamar yana bakin ƙofar ofishin malamin. Yawancinsu ba sa kai ƙarshe, kunya ke tsayar da su. Sai ta fara tambaya. Ka gaishe shi? Dakta ne ko Farfesa, ko kuwa ka ce masa oga kamar mai garejin mota? Ɗalibai ɗari nawa ke da lambarsa, ta ina zai san kai ne, ina sunanka da lambar rajistarka da ajinka? Me ya faru, a taƙaice? Me kake roƙo, abu ɗaya? Ka bar masa zaɓin lokaci ko kai ka yanka masa? Takan hana gutsura saƙo gida shida, da 'yan fuskokin nan masu dariya, da yanke kalma rabi, da saƙon murya. Takan ce a aika a lokacin aiki, kuma in an aika a yi haƙuri, kada a bi da kira.

Doka ɗaya ce ta ɗora wa kanta: ba ta taɓa wayar kowa. In ɗalibi ya miƙo mata, sai ta mai da hannuwanta baya kamar 'yar makaranta a layi. Ɗalibai har tsokanarta suke, su ce Mama na tsoron kada waya ta cije ta. Amsarta dai ita ce ta gama buga maganar wasu tun a Chikaji.

Mordecai ya shigo shagon wata Litinin da safe, a ƙarshen damina. Ta san shi, ɗan aji biyar ne a fannin aikin gona, dogo, mai yawan barkwanci, wanda kan ce mata injinta ya girmi jami'ar. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Giwa, kuma shi ne na farko a gidansu da ya zo wannan matsayi. Ran nan bai tsokani injin ba. Ya gaishe ta, ya zauna a ƙarshen benci, ya jira har masu kwafi suka fita.

Ya ce yana cikin matsala da Dakta Edith, malamar da ke duba aikin bincikensa na kammala karatu. Ranar Juma'a za a rufe jerin sunayen waɗanda za su kare aikinsu a gaban malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a. Ba a sa sunan kowa sai malaminsa ya sa hannu. Wanda bai shiga ba, sai wata shekarar. Shi kuwa ya yi sati biyar ba a gan shi ba, kuma saƙon da ya aika mata ranar Alhamis ta karanta, alamar ta nuna, amma ba ta ce komai ba.

Mama Tabita ta ce ya tashi ya karanta. Ya tashi. Saƙon gida uku ne.

"Ma ya ne, kwana biyu. Wlh na ɗan yi ƙasa ne shi ya sa. Abeg a ɗan duba min chapta 4 ɗin nan shap shap kafin Friday, na tura tun ɗazu."

A ƙarshe akwai 'yan zanen waya, hannuwa biyu a haɗe da fuska mai gumi. Ba suna, ba lamba.

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce wannan ko ƙanwarsa ya aika wa sai ta tambaye shi ko lafiya. Sannan ta fara daga inda ta saba, ta zo kan tambayar me ya faru. Ina ya shiga har sati biyar?

Ya dubi injin kwafi.

"Baba ne, Mama," ya ce.

Ya zauna, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ta tsinci sauran: mahaifinsa Ɗanasabe ya kwanta sati biyu, suka kai shi asibiti, ya cika, aka binne, sannan ga masara a gona ba mai cirewa sai shi. Ya ce ya zauna zai rubuta wa Dakta abin da ya faru ya fi sau goma, yatsansa ya ƙi. Rubuta shi kamar sake binnewa ne. Kuma ba ya so a ce ya ɗauki gawar ubansa yana roƙon sa hannu da ita. Shi ya sa ya rubuta da muryar da ya saba, ta wasa, don ita kaɗai ta fito.

Mama Tabita ta yi masa gaisuwa, ta ce Allah ya ba da haƙuri. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Ta ga ba yaron da za a tsayar a yi wa tambayoyi ba ne yau. Wayar na kan benci kusa da shi. Ta miƙa hannu ta ɗauka.

Yatsunta ba su manta ba. Cikin minti biyar ta gama, da Turancin ofis na da, mai nauyi, wanda manaja kan karanta ya gyaɗa kai. Ta buɗe da girmamawa mai tsawo. Ta sa sunansa da lambarsa da ajinsa. Ta ce yana rubutowa cikin matuƙar ƙasƙantar da kai domin neman afuwa bisa rashin halartarsa, wanda ya faru sakamakon wasu al'amuran iyali da suka fi ƙarfinsa. Ta ce zai kasance mai godiya har abada idan aka dubi roƙonsa da idon rahama. Ta rufe da mai biyayya a gare ki. Mutuwar ba ta ambata ba, tunda shi bai so, kuma a Chikaji ba a kiran abu mai zafi da sunansa. Ta karanta masa, ya gyaɗa kai ba tare da ya ɗago ba, ta aika. Da zai tafi ya yi mata godiya har da rusunawa, ita ma ta koma gida ran nan da sanyin zuciya.

Washegari da hantsi ya dawo. Bai zauna ba, ya juyo mata fuskar wayar. Dakta Edith ta amsa, layi uku. Ta ce wanda ya rubuta saƙon jiya ba shi ne ya rubuta na Alhamis ba. Ta ce ta karanta babi na huɗu, ya yi kyau, kuma yanzu tana tambayar kanta wa ya rubuta shi. Ta ce ba za ta sa hannu a aikin da ba ta san mai shi ba.

Mama Tabita ta karanta sau biyu, ta nemi kujera. Ba ta ga laifin malamar ba. Kowa a layin nan ya san akwai shagunan da ba kwafi kaɗai suke yi ba, inda ɗalibi kan shiga da taken bincike kawai ya fito da littafi. Malamai ma sun sani. Ɗalibi ya ɓace sati biyar, ya dawo da babi mai tsabta, ya yi magana yau da bakin tasha gobe da bakin lauya, ya kuma fake da al'amuran iyali, abin da kowane maƙaryaci ke fakewa da shi. Ita ma da ita ce malamar, abin da za ta zarga ke nan. Saƙon farko rashin ladabi kawai ya nuna. Nata ya sa an ɗauke shi ɓarawo.

Ta ɗauki gyalenta, ta ce za ta je ofishin da kanta ta yi bayani. Har ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Mai shagon kwafi ta shiga sashe tana rantsuwa cewa saƙo kawai ta rubuta, ba babi ba? Wa zai yarda? Zuwanta shi zai zama shaidar da ake nema. Ta dawo ta rataye gyalen.

Mordecai ya ce ko dai ya kira Dakta ne, ko ya je ya tsaya a ƙofarta har ta fito. Ta ce kada ya yi ko ɗaya yau, ran malamar a ɓace yake, kuma shi ma bai san abin da zai faɗa ba tukuna. Ta ce ya je ya ci abinci, ya dawo gobe ƙarfe takwas. Sannan ta faɗi abin da ya fi yi mata nauyi.

"Ni na ɓata maka, ɗana. Ba kai ba."

Ya ce haba Mama, taimako ta yi. Ta girgiza kai. A bas ɗin komawa Sabon Gari har kwandasta ya taɓa ta sau biyu kafin ta ji an zo inda take sauka.

Ranar Laraba ta riga shi zuwa. Ta janye bencin zuwa ciki, ta ce wa masu kwafi su leƙa maƙwabta, injin na hutawa. Da ya zo ya miƙo mata wayar, ta mai da hannuwanta baya.

Ta fara da tambayar da ba ta cikin tambayoyinta na kullum. Wa ya rubuta babi na huɗu? Ya ɗago da sauri, ransa ya sosu, ya ce shi. Ta ce ta yarda, amma da me zai nuna? Ya ce takardun tambayoyin da ya cike da manoma suna nan a ɗakinsa cikin buhu, ɗari da ashirin, kan yadda suke adana masara da abin da ƙwari ke ci. Ya ce shi da Baba suka yi yawon a kan babur, ƙauye bakwai, don manoma ba sa sakin baki da ɗan boko sai sun ga wanda suka sani. Baba ke yin sallama, a yi hira kan ruwan bana, sannan ya ce ga yaronku, ku taimake shi da amsa. Yana faɗa muryarsa na karyewa, amma bai tsaya ba.

Ta ce to, abin da ya faɗa mata yanzu, shi zai rubuta.

Sun fi awa biyu. Ya fara da gaisuwa, ta ce ya yi. Ya sa suna da lamba da aji. Da ya zo kan dalili, ya rubuta cewa an yi musu wani rashi. Ta ce ya tashi ya karanta. Ya karanta. Ta tambaye shi, in shi ne malamar, zai san ko wane ne ya rasu? Ya ce a'a. Ya zauna ya daɗe yana kallon wayar. Ta ga babban yatsansa na shawagi, hannunta na ƙaiƙayi a bayanta, ta danne shi da ɗayan. A ƙarshe ya rubuta, ya goge ido da bayan hannu, ya ci gaba.

Sau ɗaya wata kalma ta tasha ta kuɓuce masa, da kansa ya gani ya cire. Sau ɗaya kuma ya ɗauko mai biyayya a gare ki daga saƙonta, ta ce ya ajiye mata kayanta, ya faɗi yadda shi zai faɗa. Ya so ya yi shiru kan saƙon Litinin. Ta ce ai shi ne tambayar malamar, in bai amsa ba bai rubuta komai ba. Ya ce ba ya so ya ja mata magana. Ta ce ba sai ya kira suna ba, amma ya faɗi gaskiya.

Da Turanci ya rubuta, mai sauƙi, irin wanda yake yi a aji. Ga abin da ya ce:

"Barka da safiya, Dakta. Ni ne Mordecai Ɗanasabe, ɗan aji biyar, ga lambar rajistata a ƙasa. Ina neman gafara kan saƙona na Alhamis, bai dace da ke ba. Na Litinin kuma ba ni na rubuta ba, wata uwa ce ta rubuta mini don na kasa, kuma kuskure ne da na bari aka aika da sunana. Mahaifina ya rasu ranar sha tara ga watan jiya, shi ya sa ba a gan ni ba. Ya kamata in sanar da ke tun lokacin. Babi na huɗu ni na yi shi. Takardun tambayoyi ɗari da ashirin da littafin da na yi lissafi a ciki suna hannuna. Ina roƙon ki ba ni lokacin da ya yi miki, in kawo su ki yi mini tambayoyi a kai. Na gode."

Ya tashi ya karanta shi tsaye, ya kai har ƙarshe. Mama Tabita ta ce ba ta da abin ƙarawa. Ƙarfe goma da rabi ya aika.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Ya zauna a bencin har azahar ta wuce, ta raba abincin kularta biyu, ya ci kaɗan. Sau biyu ya ɗauki wayar zai sake rubutu, ta dube shi, ya ajiye. Wajen ƙarfe huɗu wayar ta yi ƙara. Dakta ta ce gobe ƙarfe goma, ya zo da komai. A layi na biyu ta yi masa ta'aziyya.

Ranar Alhamis Mama Tabita ta gan shi ya tsallaka titi da buhu a kafaɗa. Aikin ran nan bai yi mata kyau ba. Ta yi wa wata yarinya kwafin shafi ɗaya sau uku, ta ɗaure wa wani takardunsa a kife. Duk wanda ya gifta ƙofa sai ta ɗaga kai.

Sai bayan ƙarfe ɗaya ya dawo, ya ajiye buhun ya zauna a kansa. Ya ce Dakta ba ta yi masa murmushi ba. Ta zazzage takardun a tebur, ta zaro ɗaya daga tsakiya ta tambaye shi wane ne wannan. Ya ce mata tsoho ne mai rumbu uku, wanda ke zuba toka a masararsa, kuma ya ƙi amsa komai sai da Baba ya ci goronsa. Ta zaro wata, ta zaro wata, har tara. Ta sa shi ya sake lissafin jadawali ɗaya a gabanta da biro, ta kama masa kuskure a ciki, ta ce aƙalla kuskuren nasa ne. Ta ce ya gyara ya kawo gobe kafin sha biyu. Da zai fita ta ce masa da saƙon jiya ya aiko tun farko, da duk wannan bai taso ba.

Mama Tabita ta saki numfashi. Ta kunna masa kwamfutar da ke kusa da taga, ta ja masa kujera. Shi da yatsa biyu yake bugawa, a hankali, abin da ita za ta gama kafin ruwa ya tafasa. Ta koma wajen injinta, ta ba shi baya.

Ranar Juma'a, sha ɗaya da 'yan mintoci, Dakta Edith ta sa hannu, sunansa ya shiga jerin. Ya zo ya nuna mata takardar, ta riƙe ta da hannu biyu ta dubi sa hannun ta mayar masa.

Bayan sati uku, da ya kare aikin, ya dawo a ɗaure masa littafin da baƙin bango. Shafi ɗaya ne ya rage fari, na sadaukarwa. Ya ce ya san wanda zai sa, yadda zai faɗa ne bai sani ba, kuma ita ta fi shi iya irin wannan. Ya turo mata allon bugawa na kwamfuta. Mama Tabita ta dubi allon, ta mai da hannuwanta baya.

"Zauna," ta ce. "Wane ne shi? Faɗa mini tukuna."